Ƙarfin Ayon da Dokar Iyaka: Dalilin da Gishiri Ke Rage wa Kansa Tasiri a Cikin Ruwa

Gishirin miya, wanda masana kimiyyar sinadarai ke rubutawa NaCl, idan ya narke a ruwa yakan rabu gida biyu: ƙwayar sodiyam mai ɗauke da cajin lantarki na tarawa, Na⁺, da ƙwayar kulorayid mai cajin ɗebewa, Cl⁻. Kowace ƙwaya mai caji irin waɗannan ana kiranta ayon, abin da kuma ya narke ya ba da ayon ana kiransa ilektarolait. Gishiri, kanwa, alif da ruwan batir duk 'yan wannan gida ne. Sukari kuwa ba ya ciki, domin yana narkewa ne da ƙwayoyinsa cikakku, babu caji a jikinsu.

Ana ƙirga ƙwayoyin sinadarai da ma'aunin da ake kira mol. Mol ɗaya na gishiri giram 58.4 ne. Idan aka zuba kashi ɗaya cikin goma na mol, wato giram 5.84, kimanin cokalin shayi guda, a kilo ɗaya na ruwa, lissafi mai sauƙi yana cewa ruwan zai jinkirta daskarewa da digiri 0.372, tunda kowane mol na narkakkun ƙwayoyi yana sauke zangon daskarewar ruwa da digiri 1.86, gishiri kuma ƙwaya biyu-biyu yake bayarwa. Amma awo yana nuna kimanin 0.35 ne. Giɓin ƙarami ne, sai dai ba ya ɓacewa kome kyawun na'ura, kuma yana bayyana a duk wani awo da aka yi wa ruwan gishiri: ƙarfin lantarkin batir, narkewar ma'adinai, tsamin asid. Ƙwayoyin suna nan cif-cif yadda aka zuba su, amma aikinsu bai kai yawansu ba.

Svante Arrhenius, masanin ƙasar Suwidin da ya kawo ra'ayin rabuwar gishiri zuwa ayon a 1887, ya fassara giɓin da cewa wani kaso na gishirin ne bai rabu ba. Fassarar ta dace da asid mai rauni irin na ruwan khal, amma ta kasa zama daidai ga gishiri da asid masu ƙarfi, domin adadin "wanda bai rabu ba" ya ƙi bin ƙa'idar daidaito da ya kamata ya bi. Daga baya ta tabbata cewa gishirin miya yana rabuwa kusan kakaf. Matsalar tana tsakanin ayon ɗin ne bayan sun rabu: suna jan juna, suna tura juna, ko da akwai tazara a tsakaninsu.

Gilbert N. Lewis, Ba'amurke, ya ba wannan ragaggen aiki suna a 1907. A nan za a kira shi tasiri. Tasirin ayon shi ne yawan da yake aiki da shi a zahiri, kuma ana samunsa ta ninka yawan da aka zuba da wata lamba da ake rubutawa da harafin Girkanci γ, wato gamma:

```
a = γ × m
```

A nan a shi ne tasiri, m yawan mol a kilo ɗaya na ruwa, γ kuma ma'aunin tasiri. Idan γ ya zama 1, kowane ayon yana aiki kamar shi kaɗai ne a cikin ruwan. Idan ya zama 0.7, ayon ɗari suna yin aikin saba'in. A tsinkakken ruwa, wato wanda gishirinsa bai taka kara ya karya ba, γ yana ƙasa da 1, kuma yana matsowa kusa da 1 gwargwadon yadda aka ƙara tsinka ruwan. Tambayar ita ce ko za a iya sanin γ da alƙalami, ba sai an auna ba.

Ƙarfin ayon

Amsar ta fara fitowa a 1921, lokacin da Lewis da Merle Randall suka tattara awon gishiri iri-iri a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. Abin da suka gano shi ne, a tsinkakken ruwa, γ na wani gishiri bai damu da sunayen sauran ayon da ke tare da shi ba. Abu biyu kawai yake dubawa: yawansu da girman cajinsu. Suka haɗa biyun a lamba ɗaya, suka kira ta ƙarfin ayon, ana rubuta ta I:

```
I = ½ Σ mᵢ zᵢ²
```

Ma'anar ita ce a ɗauki kowane ayon da ke cikin ruwan, a ninka cajinsa z da kansa, a ninka abin da ya fito da yawansa m, a tara na duka ayon ɗin, sannan a raba biyu. Ninka caji da kansa yana kawar da alamar ɗebewa, don haka mai tarawa da mai ɗebewa duk suna ƙara wa jimlar nauyi. Raba biyun kuwa an yi shi ne domin gishirin miya, mai caji ɗaya-ɗaya, ƙarfin ayonsa ya zo daidai da yawansa: mol 0.01 na NaCl yana ba da I na 0.01.

Daɗin lissafin yana wurin z². Ayon mai caji biyu ana ƙirga shi sau huɗu, mai caji uku sau tara. Sodiyam kabonet, Na₂CO₃, wanda ke cikin sinadaran kanwa, yana ba da sodiyam biyu da kabonet ɗaya mai caji biyu; idan aka bar ɗan kason kabonet da ke sauyawa a ruwa, jimlar ita ce 2 a tara da 4, a raba biyu, wato ninki uku na yawan da aka zuba. Gishirin Ingila, MgSO₄, ninki huɗu ne. Alif, wanda wasu ke kira alimun, KAl(SO₄)₂, yana da fotasiyam mai caji ɗaya, alminiyam mai caji uku da salfet biyu masu caji biyu-biyu: 1 da 9 da 8 sun zama 18, rabinsu 9. Mol ɗaya na alif a takarda yana cika ruwa da caji kamar mol tara na gishiri. Sukari kuwa ko buhu aka zuba, z ɗinsa sifili ne, bai ƙara wa I kome ba.

Misalin ruwan rijiya zai nuna yadda ake aikin. A ɗauka an kai samfurin ruwa ɗakin gwaji, takardar sakamako ta nuna a kowace lita akwai kalsiyam miligiram 40, magniziyam 12, sodiyam 23, baikabonet 183, kulorayid 18, salfet 24. Lambobin na misali ne, an zaɓe su don su yi sauƙin rabawa, amma irin wannan ruwa ba baƙo ba ne a rijiyoyi. Mataki na farko shi ne mayar da miligiram zuwa mol, ta raba kowanne da nauyin mol ɗinsa. Kalsiyam ya zama 0.001, magniziyam 0.0005, sodiyam 0.001, baikabonet 0.003, kulorayid 0.0005, salfet 0.00025. A irin wannan tsinkakken ruwa lita ɗaya da kilo ɗaya kusan abu guda ne, don haka ba a damu da bambancinsu.

Kafin a ci gaba, mai hankali yakan duba ko cajin ya daidaita. Ɓangaren tarawa: kalsiyam 0.002, magniziyam 0.001, sodiyam 0.001, jimla 0.004. Ɓangaren ɗebewa: baikabonet 0.003, kulorayid 0.0005, salfet 0.0005, jimla 0.004. Ruwa ba ya riƙe rarar caji, saboda haka idan ɓangarorin biyu suka saɓa sosai, to an manta da wani ayon a wurin awo, kuma I da za a lissafa zai fito da ƙarya.

Sai lissafin kansa. Masu caji biyu, kalsiyam da magniziyam da salfet, jimlarsu 0.00175 ce, a ninka da huɗu ta zama 0.007. Masu caji ɗaya jimlarsu 0.0045 ce, haka take tsayawa. An tara an sami 0.0115, an raba biyu:

```
I = ½ (0.007 + 0.0045) = 0.00575
```

Masu caji biyun ba su kai sulusin ƙwayoyin da ke ruwan ba, amma sun ɗauki fiye da kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin ayon.

Hazon da ke kewaye da ayon

Lewis da Randall sun samo ƙa'idarsu daga awo ne, ba su da bayanin dalili. Dalilin ya zo a 1923 daga birnin Zurich, a hannun Peter Debye, ɗan ƙasar Holan, da mataimakinsa Erich Hückel, Bajamushe.

Tunaninsu ya fara ne da ayon guda, a ce Na⁺, yana yawo a ruwa. Yana jan masu cajin ɗebewa, yana korar masu irin cajinsa. Da jan ne kaɗai ke aiki da duk sun haɗu sun koma dutsen gishiri. Da zafi ne kaɗai ke aiki da sun watsu ba tsari. Abin da ke faruwa yana tsakani. Ayon ɗin suna ta kai-komo saboda zafi, amma idan aka daɗe ana kallon kewayen Na⁺, za a ga masu cajin ɗebewa sun ɗan fi yawan giftawa kusa da shi fiye da masu tarawa. Wannan 'yar rarar ta zama wani hazo na kishiyar caji da ya lulluɓe shi ta ko'ina, kuma jimlar cajin hazon daidai take da cajin ayon ɗin, sai dai alamar ta juya. Kowane ayon yana tsakiyar nasa hazon, kuma shi ma yana cikin hazon maƙwabtansa.

Kamar yadda hazon hunturu ke taƙaita nisan da ido ke gani, haka wannan ke taƙaita nisan da cajin ayon ke kaiwa. Ana kiran nisan da tsawon Debye, kuma a ruwa mai zafin digiri 25 na salshiyos ana samunsa ta raba nanomita 0.304 da tushen I. Tushen lamba, wanda ake rubutawa √, shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta ta ba da ta farkon. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan I ya kasance 0.001, hazon ya bazu zuwa kimanin nanomita 10. A 0.01 ya matso zuwa nanomita 3. A 0.1 bai kai nanomita ɗaya cikakke ba. A ruwan rijiyar misali kimanin nanomita 4 ne.

Ayon da kishiyar caji ta kewaye ya sami wurin zama mai daɗi. Ƙarfin da yake da shi na shiga wata hulɗa, ko na fita daga ruwan ya koma dutse, ya ragu, domin sai ya fizge kansa daga hazon tukuna. Ragin yana ƙaruwa da z², saboda cajin ayon yana shiga sau biyu: shi ne ya tara hazon, shi ne kuma hazon ke ja. Yana kuma ƙaruwa gwargwadon matsowar hazon, kuma tunda nisan hazon yana raguwa da √I, jan yana ƙaruwa da √I. Daga nan dokar ta fito:

```
log γ± = −A |z₊ z₋| √I
```

Logaridim ɗin na goma ne, wato γ shi ne 10 da aka ɗaga zuwa lambar da ke hannun dama. A ruwa mai digiri 25, A yana daidai da 0.509. Layukan da suka kewaye z₊ z₋ suna nufin a ninka cajin biyu a yar da alamar ɗebewa. Alamar ± da ke jikin γ tana nuna matsakaicin ayon biyun ne, na tarawa da na ɗebewa, domin ba a iya cika kwalba da sodiyam zalla a auna shi. Duk awon da aka yi na su biyun ne tare. A takarda dai ana iya rubuta na ayon guda, a sa z² a madadin |z₊ z₋|.

Abin da ya ɗaga darajar wannan doka shi ne ba a ƙera A don ya dace da awo ba. An lissafo shi daga cajin ilektaron, zafin ruwa, da lambar da ke nuna yadda ruwa ke raunana jan lantarki, wadda ta kai kimanin 78. Ruwa yana rage jan da ke tsakanin caji biyu kusan sau 78 idan aka kwatanta da sarari, shi ya sa ma gishiri ke iya narkewa a cikinsa. A barasar itanol lambar kimanin 24 ce, A kuwa ya ninka na ruwa sau da dama, don haka 0.509 ba ta aiki a can. Ko a ruwan ma tana ɗan motsawa da zafi: kusan 0.49 a bakin daskarewa, fiye da 0.53 a digiri 50.

A dokar babu sunan gishiri ko ɗaya. NaCl, KCl, HCl da KNO₃ duk ta ba su γ guda idan I ɗinsu ɗaya ne.

Idan aka koma ga rijiyar misali, tushen 0.00575 shi ne 0.0758. Ga ayon mai caji ɗaya, 0.509 sau 0.0758 ya ba da 0.0386, γ ya zama kimanin 0.92. Ga mai caji biyu ana ninka 0.0386 da huɗu, a sami 0.154, γ ya faɗo zuwa 0.70. Kalsiyam da aka auna mol 0.001 yana aiki ne kamar 0.0007. Wannan a ruwan da kowa zai sha ya ce ba ya jin ɗanɗanon kome. Farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi da cikin bututu kalsiyam kabonet ne, kuma sanin ko ruwa zai ajiye shi ya dogara ga ninka tasirin kalsiyam da na kabonet. Dukansu masu caji biyu ne, 0.70 sau 0.70 kuwa 0.49 ne. Wanda ya yi lissafin da yawa tsagwaro ya yi kuskuren ninki biyu, yana iya cewa ruwa ya ƙoshi har zai ajiye ɓawo alhali bai kai ba.

Akwai gwajin da ke nuna dokar ƙiri-ƙiri, kuma sakamakonsa yana saɓa wa abin da mutum zai zata. Bariyam salfet, BaSO₄, farin garin da ake ba majiyyaci ya sha kafin hoton ciki, da ƙyar yake narkewa: kimanin mol ɗaya cikin dubu ɗari a lita. Idan aka zuba masa fotasiyam naitiret mol 0.01, gishirin da ba shi da bariyam ba shi da salfet, ba ya kuma hulɗa da ko ɗayansu, sai garin ya ƙara narkewa. Dalilin shi ne abin da ke tsaye a ruwan da ya ƙoshi sakamakon ninka tasirin ayon biyu ne. Baƙon gishirin ya kai I zuwa 0.01, tushensa 0.1, 0.509 sau 4 sau 0.1 ya ba da 0.204, γ ya sauka daga kimanin 0.97 zuwa 0.63. Tunda kowane ayon ya yi rauni, sai an ƙara yawansu kafin tasirin ya koma inda yake, don haka narkewar ta haura da fiye da rabi. Azurfa kulorayid, mai caji ɗaya-ɗaya, a ruwa iri ɗaya ƙarin da yake yi kimanin kashi 12 cikin ɗari ne kawai. Da irin wannan hanya ta narkewa Johannes Brønsted da Victor LaMer suka gwada dokar a 1924, da gishirin kobalt masu wuyar narkewa da caji daban-daban, suka ga tana tafiya yadda aka faɗa.

Inda dokar ta tsaya

Sunanta dokar iyaka domin gaskiyarta tana cika ne a iyakar da I ke gangarawa zuwa sifili. Duk taku ɗaya daga wannan iyaka yana jawo ɗan kuskure. Gishirin miya a digiri 25 yana nuna yadda abin ke tafiya. A mol 0.001 doka ta ce 0.964, awo ya ce 0.965. A 0.01 doka ta ce 0.889, awo ya ce 0.902, an fara rabuwa, amma kuskuren bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. A 0.1 doka ta ce 0.690, awo ya ce 0.778. A mol ɗaya doka ta ce 0.31, awo ya ce 0.657. Gaba kaɗan da nan ma γ na gaskiya yakan daina sauka ya juya sama, har ya kusan komawa 1 a ruwan da ya ƙoshi da gishiri, abin da dokar ba ta da hanyar faɗa, tunda ita sauka kawai ta sani.

Shi ya sa aka saba ɗaukar I na 0.01 a matsayin bakin iyaka ga masu caji ɗaya-ɗaya, masu caji biyu kuwa tun kafin nan ake fara taka-tsantsan. Mol 0.01 na gishiri bai wuce rabin giram da 'yan kai a lita ba, ɗan abin da yatsu za su tsinka. Ruwan sama da ruwan koguna da rijiyoyi da yawa suna cikin iyakar. Ruwan jini, mai I kusan 0.15, yana waje. Ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, bisa haɗin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kusa da 0.12, kuma fiye da sulusin wannan daga ɗan sitiret ɗin da ke ciki yake, saboda cajinsa uku ne. Ruwan teku, mai kusan 0.7, ya yi nisa ƙwarai. Iyakar tana da ƙunci, babu musu, amma a cikinta dokar ba ƙiyasi ba ce, kuma duk wata ƙa'ida da aka gina daga baya dole ta koma gare ta idan aka tsinka ruwan. Wadda ba ta koma ba an san da matsala a gininta.

Kuskuren yana da tushe a abubuwan da Debye da Hückel suka sauƙaƙa. Babba a ciki shi ne ɗaukar ayon kamar ɗigo marar jiki. Sa'ad da hazon ke nanomita 10, girman ayon da rigar ruwan da ke manne da shi, wajen nanomita 0.3 zuwa 0.4, ba abin lura ba ne. Amma idan hazon ya matso zuwa nanomita ɗaya, jikin ayon ya cinye babban kaso na filin, kishiyar cajin ba za ta iya matsowa yadda lissafin ɗigo ya zata ba. Jan gaske bai kai na takarda ba, don haka dokar takan ba da γ da ya yi ƙasa da na awo. Na biyu, an ɗauki ruwa kamar shimfiɗa guda marar ƙwayoyi, alhali kowane ayon yana riƙe wasu ƙwayoyin ruwa a jikinsa. A ruwa mai kauri, abin da ya rage na sakakken ruwa ya ragu, wannan yana cikin abin da ke tura γ sama.

Na uku yana ja ne ta ɗaya ɓangaren. Lissafin ya ɗauka jan lantarki ƙarami ne idan aka gwada shi da kai-komon zafi. Ga masu caji ɗaya-ɗaya a ruwa, ƙarfin biyun suna yin kunnen doki a tazarar nanomita 0.7, ga masu caji biyu-biyu tazarar ta ninka sau huɗu. Irin waɗannan sukan manne su yi ta yawo tare kamar ƙwaya guda marar caji. Niels Bjerrum na Denmak ya yi bayanin wannan haɗuwa a 1926. Tana sa γ da aka auna ya yi ƙasa, kuma tana rage I ɗin kansa, domin waɗanda suka manne sun fita daga lissafi.

Hanyar gane wanne ke faruwa ita ce zane. A sa log γ± a tsaye, √I a kwance. Kusa da sifili ɗigogin awo su bi miƙaƙƙen layi da ya taso daga sifili yana gangarawa da 0.509 ga gishiri irin NaCl, 1.02 ga irin CaCl₂, 2.04 ga irin MgSO₄. Idan ɗigogin suka lanƙwasa sama da layin, girman ayon ne ya fara magana. Idan suka nutse ƙasa da shi, ana zargin mannewa. Idan kuwa tun daga farko gangarar ba ta dace ba, a fara neman laifin a lissafi: an sa yawan gishiri a wurin I, ko an manta da wani ayon kamar na asid ɗin da aka ɗiga, ko an haɗa 0.509 da logaridim na ln, wanda nasa A ɗin 1.17 ne.

Gyaran farko yana cikin aikin 1923 ɗin kansa, inda aka ba ayon jiki:

```
log γ± = −A |z₊ z₋| √I / (1 + B a √I)
```

Harafin a a nan yana nufin iyakar kusancin da ayon biyu za su iya yi, B kuwa 3.28 ne idan an auna kusancin da nanomita. Ga NaCl a mol 0.1, idan aka sa nanomita 0.4, γ ya fito 0.770, kusa da 0.778 na awo. Sai dai an biya farashi: wannan kusancin ba a lissafo shi daga tushe ba, ana zaɓarsa ne ya dace da awo, kuma sunan gishiri ya dawo cikin lissafi. C. W. Davies ya kawo wani salo a 1938 da ya ƙara ɗan gutsuren da ke ɗaga γ gwargwadon I, ana amfani da shi har wajen 0.5. Ruwan teku da ruwan tafkunan gishiri kuwa sai ƙa'idojin Kenneth Pitzer na 1973, masu lambobi na musamman ga kowane gishiri. Dukansu idan I ya yi ƙanƙanta suna narkewa su koma dokar iyaka.

Jifsam, CaSO₄·2H₂O, ma'adinin da ake sa wa siminti ake kuma yin filastar silin da shi, yana nuna haɗarin amfani da dokar a wajen gidanta. Sakamakon ninka tasirin kalsiyam da na salfet a ruwan da ya ƙoshi da shi kimanin 2.6 × 10⁻⁵ ne, tushensa 0.0051. Wanda ya ɗauki γ a matsayin 1 zai ce mol 0.0051 ke narkewa a kilo na ruwa. Awo ya ce kimanin 0.015, wato giram biyu da rabi da 'yan kai, ninki uku na hasashen. Idan aka ɗauki 0.015 ɗin aka ninka da huɗu, I ya zama 0.06, dokar iyaka ta ba da γ na 0.32, kuma 0.0051 a raba da 0.32 ya ba da 0.016. Amsar ta zo dab da awo, har mutum ya yi zaton dokar ta yi aiki a ninki shida na iyakarta.

Dacewa ce kawai. A zahiri kusan sulusin abin da ya narke, wajen mol 0.005, yana yawo ne a manne, kalsiyam da salfet tare, babu caji. Sakakkun ayon kimanin 0.010 ne, I na gaskiya kusan 0.04, γ ɗinsu kuma kusa da 0.5 idan aka lissafa da girman ayon a ciki. Sakakku 0.010 da manannu 0.005 su suka haɗu suka ba da 0.015. Dokar iyaka ta sauke γ fiye da kima saboda ta manta da jikin ayon, ta kuma manta da mannewa, sai kuskuren farko ya cike gurbin na biyu. Ana gane haka idan aka sa na'urar da ke jin sakakken kalsiyam kaɗai a ruwan, ko aka auna yadda yake ɗaukar lantarki: duka biyun suna nuna ayon masu yawo ba su kai abin da nauyin narkakken jifsam ɗin ya nuna ba.